Yadda Ake Riƙe Sashen Sharhi a Ƙarƙashin Bidiyon Wa'azi Idan Musu Ya Fara Zama Zagi

Yawancin shafukan wa'azi a Kano ba malamin ne ke riƙe da su da hannunsa ba. Ɗalibi ne, ko wani matashi daga kwamitin masallaci, wanda aka damƙa wa waya aka ce ya riƙa ɗora karatu. Ya iya yanka bidiyo, ya iya sa hoto da take, amma ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa abin da zai yi ranar da mutane suka kaure da zage-zage a ƙasan bidiyon. Wannan jagora tasa ce, kuma ta taƙaita ga awannin farko bayan an ɗora gajeren bidiyo a Facebook ko YouTube kan mas'alar da ake saɓani a kanta, irin ƙabalu da sadalu, Maulidi, ko ganin wata.

Ƙa'ida ɗaya ce ke ɗauke da aikin gaba ɗaya: ɗabi'ar mutum ake dubawa, ra'ayinsa kuwa a bar masa. Wanda ya saɓa wa malam cikin ladabi yana da wurin zama. Wanda ya goyi bayan malam da ashar ba shi da shi. Admin da ya kasa riƙe wannan zai wayi gari yana share 'yan wani ɓangare yana ƙyale nasa, kuma masu karatu suna lura da haka da wuri.

Abin da ake gamawa kafin a ɗora

Faɗa da yawa daga wajen yanka bidiyo yake farawa. Malam ya yi bayanin minti arba'in, ya kawo maganar ɓangarori biyu, sannan ya faɗi wadda ya rinjayar. Sai a yanko daƙiƙa hamsin ɗin da ya ɗaga murya, a yar da sauran, a sa take mai cewa ya yi wa su wane raddi mai zafi. Wanda ya yi haka ya gayyato masu zagi da kansa. A kalli yankin sau ɗaya kamar wanda bai taɓa zama a majalisin ba. Idan jimlar da ke sassauta hukuncin tana gaba kaɗan, a ƙara tsawon bidiyon ya haɗa da ita. A taken kuma a faɗi mas'alar kawai, kada a sa sunan wani malami ko wata ƙungiya, sannan a rubuta ranar karatun da inda za a sami cikakkensa.

Sai lokacin ɗorawa. Kada a ɗora bidiyo mai zafi sai akwai wanda zai zauna a kansa awa biyu na farko, da caji a waya da isasshiyar data. Ɗorawa ƙarfe goma sha ɗaya na dare a tafi barci shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin bayan Isha'i ne mutane suke sararawa su riƙe waya, a watan azumi kuma bayan asham da lokacin sahur. A irin waɗannan kwanaki, da makonnin Rabi'ul Awwal har zuwa Takutaha, mutum ɗaya ba ya isa. A sami biyu ko uku, kowa da lokacinsa a rubuce, a kuma buɗe musu ƙaramin zauren WhatsApp nasu su kaɗai.

Kada a raba kalmar sirrin shafi. A Facebook akwai Task access, inda za a ba mutum ikon Community activity kaɗai, ya iya amsa sharhi ya kuma cire wanda bai dace ba. Wanda aka ba Facebook access mai cikakken iko zai iya cire kowa, har mai shafin. A YouTube ana ƙara masu taimako a cikin YouTube Studio, a Settings, sashen Community moderation, a gurbin Standard moderators.

Matatar kalmomi, da inda take kuskure

A wannan sashen na Community moderation a YouTube akwai gurbin Blocked words. Duk sharhin da ya ƙunshi kalmar da aka sa a ciki ba zai fito ba, zai tsaya a Held har a duba shi, kuma YouTube na ajiye shi kwana 60. A Facebook, cikin saitin shafi, akwai wurin ɓoye sharhin da ya ƙunshi wasu kalmomi, akwai kuma Moderation Assist a Professional dashboard, wanda ke iya ɓoye sharhi mai linki ko na sabon akawun. Kamfanonin kan matsar da maɓallan nan lokaci zuwa lokaci, don haka sunan ake nema idan ba a gan shi inda aka saba ba.

Matatar da kamfani ya zo da ita ba ta kama zagin Hausa yadda take kama na Turanci, saboda haka jerin hannu shi ne abin dogaro. Wahalarsa ita ce mutanenmu ba sa rubuta kalma iri ɗaya. Mai wayar da ba ta da ɗ zai rubuta d, wani ya sa q a madadin ƙ, wani ya haɗe kalmomi biyu, wani ya raba ɗaya. Kowace siga sai an sa ta, a raba su da waƙafi:

```
dan iska, ɗan iska, daniska, yan iska, 'yan iska,
tsinanne, tsinannu, la'ananne, laananne,
zindiki, zindiƙi, zindiqi, shege, shegiya
```

Inda ake yin ɓarna shi ne sa kalmomin da karatun kansa ke amfani da su. Aka sa «shirka», «bidi'a» ko «kafirci» a jeri, to an rufe bakin ɗalibin da ya zo da tambaya ta gaskiya, domin ba yadda zai yi tambaya kan tauhidi bai ambace su ba. «Wuta» ba ta shiga jeri, haka «iska» ita kaɗai. «Uwarka» da «ubanka» suna da kyau a jeri yawancin lokaci, amma ranar da aka ɗora karatu kan biyayya ga iyaye, masu rubuta «ka bi uwarka ka gama lafiya» duk za su maƙale. Irin su «kafiri», «mushriki», «arne» da «munafuki» muna ganin a sa su, bisa sharaɗin ana buɗe wurin da aka tsare sharhi sau biyu a rana a saki marasa laifi. Jerin da ba a dubawa yana kashe tattaunawa a ɓoye, mutane su ɗauka an toshe su da gangan.

A kunna Block links ma a YouTube. Linki a ƙarƙashin bidiyon wa'azi yawanci ɗayan biyu ne: tallar damfara, ko wani ya kawo bidiyon raddin malaminsa don a koma can a ci gaba da faɗa.

Ga kowane bidiyo a YouTube akwai zaɓin tsananin tacewa: None, Basic, Strict, Hold all. Karatun yau da kullum Basic ya ishe shi. Mas'alar saɓani a fara ta da Strict. Hold all sai ranar da abu ya ɓaci, domin yana nufin ba sharhin da zai fito sai an karanta shi, kuma aiki ne mai cin lokaci.

Sharhin farko na shafi ne

Da an ɗora bidiyo, shafin ya rubuta sharhin farko ya kafe shi a sama da Pin. Ya zama gajere, ya kuma faɗi hukunci a fili. Misali:

«Assalamu alaikum. Ana maraba da tambaya da gyara da saɓani cikin ladabi. Za a cire zagi, da kafirta wani, da izgili ga kowane malami ko ɓangare, ko da mai yi ɗalibin wannan majalisi ne. Wanda ya ci gaba da maimaitawa za a rufe shi. Tambayoyi za a kai wa Malam, amsa za ta zo ranar Asabar in sha Allah.»

Amfaninsa biyu ne. Wanda aka cire wa sharhi ba zai ce ba a faɗa masa ba. Shi kuma admin ya sami abin da zai nuna, ba sai ya shiga bayani da kowa ba. Alƙawarin ranar amsa kuwa sai an cika shi, in ba haka ba kada a rubuta.

Rarrabe abin da ke shigowa

A sauya tsarin sharhi zuwa Newest a YouTube, ko All comments a Facebook. Tsarin da suke zuwa da shi yana nuna abin da ya fi jan hankali, sabon zagi kuwa yana iya ɓuya a cikin amsoshi. A riƙa buɗe amsoshin da ke ƙarƙashin kowane sharhi, domin a can ake faɗan. Alamar farko da ke nuna zare ya fara lalacewa ita ce mutum biyu suna mayar wa juna magana fiye da sau uku, kuma «kai» da «ku» sun maye gurbin mas'alar.

Saɓani da hujja a bar shi, ko ya yi kaifi. Tambayar da aka yi da gatse, irin «to a wane littafi ya gani?», ita ma a bar ta, a amsa ta kamar da zuciya ɗaya aka yi, a ba da sunan littafin da malam ya karanto da mintin da ya faɗa. Sau da yawa mai gatsen ba ya dawowa, amma masu karatu ɗari sun amfana da amsar.

Izgili ne ya fi wuyar hukunci, domin ba ashar a cikinsa. Wani zai rubuta «Allah ya ƙara ilimi, Shehi» ya bi shi da fuskokin dariya biyar. Wani zai kwaikwayi yadda malam ke furta wani harafi, ko ya yi ba'a da rawaninsa ko gemunsa ko ɗangalallen wandonsa. Wani sitika kawai zai ɗora. Matata ba ta ganin ko ɗaya. Ma'aunin da ke aiki shi ne a tambayi kai: in an cire ba'ar, akwai sauran magana? In akwai, a bar sharhin. In ba komai sai ba'ar, a ɓoye shi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, kuma laƙabin da ɓangarori ke yi wa juna a garin nan kowa ya san su. Alamar dariya da ake dannawa a jikin bidiyo a Facebook ba ta da maɓallin gogewa, don haka kada a ɓata lokaci a kanta, kada kuma a rubuta ƙorafi a kai, ƙorafin ne ke ƙara jawo ta.

Zagi kai tsaye, da ashar, da taɓa iyaye, da kafirta mutum da sunansa, waɗannan ba shawara a kansu, cirewa ake yi nan take. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Shafin da ke yaɗa karatu bai kamata ya zama inda ake jifa da ita ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wata majalisa a Fagge ta ɗora bidiyon minti uku da ƙarfe tara na dare, malam yana bayanin dalilin masu sadalu a mazhabar Malikiyya, ya kuma ce sallar mai ƙabalu da ta mai sadalu duk sun inganta.

Minti goma sha biyar na farko addu'o'i ne: «Allah ya saka da alheri», «Allah ya ƙara lafiya». Sai wani ya rubuta: «Allah ya gafarta Malam, amma ai hadisin ɗora hannun dama a kan na hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik.» Wannan sharhi ba laifi a cikinsa, gaskiya ma ya faɗa, kuma shi ne irin wanda admin mai zafin kishi ke gogewa. A bar shi. Shafin ya amsa da layi ɗaya: «Mun gode ɗan'uwa, Malam ya taɓo wannan a cikakken karatun, za kuma a kai masa tambayarka.»

Tara da minti ashirin da biyar, wani ɗalibin majalisar ya amsa wa mai tambayar: «Kai wa ya aike ka? Jahilan banza, ku je ku yi karatu tukuna.» Daren nan ya dogara ne da abin da aka yi da wannan amsa. Ta fito daga ɗan gida, kuma ita ce zagin farko a zaren. A cire ta nan take, kafin mai tambaya ya gani ya rama. Sannan a tura wa ɗalibin saƙo a keɓe: «Malam, mun cire maganarka saboda kalmar jahilai. In kana da hujja ka sake rubutawa ba tare da ita ba.» Yawancin ɗalibai suna karɓa idan a keɓe aka faɗa musu. A bainar jama'a aka yi musu, sai su ga an kunyata su a gaban abokan hamayya.

In an makara minti goma, ga yadda zaren zai kasance: mai tambaya ya rama da «'yan bidi'a», wasu uku sun shigo suna kiran sunayen abokansu, wani ya zagi shehin wannan ɓangare, wani ya zagi malamin wancan, amsoshi sun kai ashirin. Jarabawar da ke zuwa wa admin a nan ita ce ya goge sharhin da ke saman zaren ya huta. Kada ya yi. Goge sharhin sama yana tafiya da duk amsoshin da ke ƙarƙashinsa, wato an hukunta mai tambayar kirki, kuma in ya riga ya ɗauki hoton sharhinsa zai yaɗa cewa shafin nan ba ya son a kawo hadisi. Abin yi shi ne a bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, a fara daga na ƙarshe a hauro sama, saboda sababbin ne mutane ke amsawa a lokacin. Duk wanda ya ƙunshi zagi a cire, daga kowane ɓangare. Amsar da ba zagi a cikinta amma martani ce ga zagin da aka cire, ita ma a ɓoye ta, domin ta rasa abin da take amsawa, kuma za ta sa a yi ta tambayar me aka ce. A ƙarshe shafin ya rubuta sau ɗaya: «An cire maganganun da suka fita daga ladabi daga ɓangarorin biyu. Tambayar tana nan, za a amsa.»

Sau ɗaya kawai. Wani zai dawo ya ce me ya sa aka goge nasa aka bar na wane. Ba a amsa wannan a fili. In gaskiya ya faɗa, an bar wani zagin, a je a cire shi, shi ne amsar.

Ƙarfe goma, wani akawun marar hoto ya fara manna jimla ɗaya ta izgili a ƙarƙashin kowane sharhi. Wannan ba ya buƙatar gargaɗi, domin ba tattaunawa ta kawo shi ba. A rufe shi, a ɗauki wata kalma ta musamman daga jimlar tasa a ƙara a jerin matata, saboda irinsu kan dawo da wani akawun su manna magana iri ɗaya.

Ɓoyewa, gogewa, rufewa

Waɗannan uku ba ɗaya ba ne. A Facebook, Hide yana ɓoye sharhi daga jama'a, amma wanda ya rubuta da abokansa suna ci gaba da ganinsa. Ribarsa ita ce mutumin ba ya jin an taɓa shi, ba ya dawowa da fushi, kuma ana iya mayar da sharhin in an ga an yi kuskure. Shi ya dace da ba'a da maganar da ake kokwanto a kanta. Rauninsa kuma a fili yake: in masu faɗan abokan juna ne, kamar yadda ake samu tsakanin 'yan unguwa ɗaya, za su ci gaba da ganin juna. A irin wannan hali Delete ake yi. Gogewa ba ta dawowa, don haka ita ce ta ashar da kafirtawa.

A YouTube, Remove yana cire sharhi ɗaya, Hide user from channel kuma yana ɓoye duk abin da mutumin ke rubutawa a tashar, ba tare da an sanar da shi ba. Wanda aka rufe bisa kuskure ana cire sunansa daga Hidden users.

Tsarin da muke ganin ya fi adalci ga mutumin da aka san ɗan adam ne mai bibiyar karatu shi ne: karo na farko a cire a yi masa magana a keɓe, na biyu a cire a gaya masa saura rufewa, na uku a rufe. A rubuta sunan akawun da dalili a zauren masu kula, don wanda ya karɓi aiki da safe ya san inda aka kwana. Akwai abin da ke tsallake matakan nan gaba ɗaya: barazana, maganar batsa ga mata masu sharhi, da taɓa alfarmar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko Sahabbai da iyalan gidansa. Game da mata, a sa ido sosai, domin malama za ta yi tambaya kan jinin al'ada ko iddah, wasu su mayar da ita abin wasa, daga ranar ba za ta sake tambaya ba, haka duk matan da suka gani.

Admin ba ya yin muƙabala da sunan shafi. Duk abin da aka rubuta da sunan shafin, mutane za su ɗauka malam ne ya faɗa, su ɗauki hotonsa su yaɗa a matsayin fatawarsa. In ya ji ransa ya ɓaci har yatsunsa na ƙaiƙayin ramawa, ya miƙa wa abokin aikinsa ya ajiye wayar. Ramuwa ba ta kare mutuncin malam. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah, kuma abin da ake gani a ƙarƙashin bidiyo ke nan kullum: wanda ya zagi malamin wasu ya jawo a zagi nasa.

Yaushe ake dakatar da sharhi gaba ɗaya

Akwai lokacin da bin sharhi ɗaya-ɗaya ba ya yiwuwa. Ana gane shi da abu uku: zagi na shigowa fiye da yadda mutum biyu ke iya cirewa, yawancin masu rubutun baƙi ne da ba su taɓa sharhi a shafin ba, kuma maganarsu ta nuna ba su kalli bidiyon ba. Ma'anarsa wani babban shafi ko wani zaure ya ɗauki bidiyon ya turo mutanensa.

A YouTube a zaɓi Pause a saitin sharhin bidiyon. Abin da aka riga aka rubuta yana nan ana gani, sabo ne ba ya shiga, sai a samu sararin sharewa a natse. Off yana ɓoye komai, har tambayoyin kirki, kuma ya fi jawo a ce an gudu. A Facebook a danna ɗigo uku na saman bidiyon, a shiga Who can comment on your post?, a zaɓi Profiles and Pages you mention. Kafin a rufe a gyara sharhin da aka kafe, a ce an dakatar zuwa gobe bayan Azahar saboda zage-zage. Kwana ɗaya yakan isa, domin taron da aka turo ba ya daɗewa. Haka kuma in masu kula duk za su kwanta alhali zaren bai huce ba, a dakatar kafin barci a buɗe da safe.

Wani lokaci masu ƙorafin suna da gaskiya: yankan bidiyon ya sauya ma'ana, ko malam ya yi tuntuɓen harshe a aya ko a sunan mai ruwaya. A nan share sharhi zalunci ne. A kai wa malam maganar a daren, a ɗora gyara ko cikakken karatun, a kuma gode wa wanda ya fara nunawa.

Idan magana ta kai ga barazana

Wannan ya wuce batun tsaftar shafi, kuma a Kano ba a wasa da shi. Wani ya rubuta abin da aka ɗauka ɓatanci ne, sai wasu su fara tambayar a ina yake, wani ya kawo hotonsa, wani ya ambaci unguwarsu ko shagonsa ko makarantarsa. Daga wannan lokaci ran mutum ake magana a kai, kuma mai yiwuwa ma akawun ɗin na bogi ne da aka buɗe da hoton wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

A bi wannan jeri ba tare da jinkiri ba. A ɗauki hoton sharhin yadda suna da lokaci za su fito, a kwafi linkin akawun ɗin, domin bayan gogewa ba sauran shaida. A danna Report. Sannan a goge maganar ɓatancin da duk amsar da ta ƙunshi adireshi, lambar waya, hoto ko kiran a ɗauki mataki, a dakatar da sharhi a bidiyon, a kira malam ko shugaban kwamiti a waya a daren. Su ne za su yanke shawarar kai magana ga 'yan sanda ko Hisbah. Dokar laifukan intanet ta ƙasa ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan aika barazana ta intanet, don haka hotunan da aka ajiye suna da amfani a gaban hukuma.

Hotunan nan ba sa fita daga hannun mutum biyu ko uku. Kada a tura su zauren ɗalibai, kada a ɗora su da sunan jan kunne ko neman a yi Allah wadai. Maganar da mutum talatin suka gani kafin a goge, in aka yaɗa hotonta dubbai za su gani, kuma admin ne ya kai musu.

Washegari da safe a buɗe Held da jerin sharhin da aka ɓoye, a saki waɗanda matata ta kama bisa kuskure, a ƙara sababbin sigogin zagi da aka gani a jeri. A tattara tambayoyin gaskiya, a haɗe masu kama da juna, a cire musu gatsen, a rubuta su a takarda ɗaya a kai wa malam kafin karatu na gaba. Idan amsar ta fito, a koma ƙarƙashin sharhin wanda ya fara tambaya a gaya masa minti nawa ne a cikin sabon bidiyon Malam ya amsa masa.